Yadda ake bin fulocat da jadawalin gaskiya a jarrabawar kwamfuta, mataki bayan mataki

A takardar kwamfuta ta WAEC ko NECO, tambayar fulocat da ta jadawalin gaskiya suna cikin 'yan tambayoyin da amsarsu ke zaune a cikin tambayar kanta. Ba sai ka tuno shekarar da aka ƙera wata na'ura ba, ba sai ka haddace ma'anar komai ba. Duk da haka a nan yara masu ƙoƙari suke zubar da maki, kuma dalilin kusan ɗaya ne kullum: suna dubar zanen su gane abin da yake nufi, sai su yi lissafin a ka. Kwamfuta kuwa ba ta san nufi ba. Akwati ɗaya take karantawa, ta aikata abin da ke cikinsa, ta bi kibiya zuwa na gaba. Wanda ke son makinsa cikakke dole ya yi haka shi ma, da fensir da takarda, ya rubuta kowane canji a lokacin da ya faru.

Mu fara da fulocat, tunda shi ya fi cin lokaci.

Siffofin zanen

Siffofi huɗu ne za su ishe ka a yawancin tambayoyi. Mai siffar ƙwai shi ne farawa ko tsayawa, a cikinsa za ka ga START ko STOP. Akwati mai kusurwa huɗu a miƙe shi ne aiki, wato lissafi ko sanya lamba a ma'aji. Akwati karkatacce, wanda gefensa biyu suka jirkice, shi ne shigarwa ko fitarwa, inda ake rubuta INPUT, READ ko PRINT. Sai mai siffar daimon, wurin yanke hukunci, kuma shi kaɗai ne kibiya biyu ke fita daga jikinsa, ɗaya da Yes ɗaya da No. Wani lokaci za ka ga ɗan ƙaramin da'ira da harafi ko lamba a ciki. Mahaɗi ne kawai, yana cewa zanen ya ci gaba a inda ka sake ganin wannan harafin. Ba ya canza komai.

Abin da ya fi siffofin nan muhimmanci shi ne alamar `=` da ke cikin akwatin aiki. A darasin lissafi, `N = N + 2` magana ce da ba ta yiwuwa. A fulocat umarni ne: ka lissafa abin da ke hannun dama da lambobin da kake da su yanzu, ka zuba sakamakon a ma'ajin da ke hagu. Ma'aji kamar allon almajiri yake, in za a yi sabon rubutu sai an wanke tsohon, kuma abin da aka wanke ya tafi. Wasu masu tsara tambaya suna amfani da kibiya, `N ← N + 2`, ma'anar ɗaya ce.

Ga ƙaramin gwaji da ke nuna ko mutum ya riƙe wannan. A na ɗauke da 5, B na ɗauke da 8, sai akwati biyu suka biyo:

```
A = B
B = A
```

Ido zai ce an yi musanya, A ya zama 8, B ya zama 5. Bi shi a hankali. Akwati na farko ya sa 8 a cikin A, biyar ɗin nan ta goge. Akwati na biyu ya ɗauki abin da ke cikin A yanzu, wato 8, ya sa a B. Dukansu 8 ne. Shi ya sa fulocat ɗin musanya na gaskiya yake da ma'aji na uku, a fara ajiye A a cikin T, sannan `A = B`, sannan `B = T`.

Tambaya guda, daga farko har ƙarshe

Ga zanen da za mu bi. Na jera akwatunan da lamba don mu iya kiransu:

```
1  START
2  S = 0
3  N = 1
4  N <= 7 ?   No -> 7
              Yes -> 5
5  S = S + N
6  N = N + 2  -> 4
7  PRINT S
8  STOP
```

Akwati na 4 shi ne daimon. Kibiyar da ta fita daga na 6 ta koma sama ta shiga na 4, wannan komawar ita ce zagaye.

Kafin ka taɓa lissafi, yi abu biyu. Na farko, sa bakin fensir a kan kibiyar da ke komawa sama, ka bi ta har inda ta sauka. Ta sauka a kan daimon ne, ko a saman `S = 0`? Wannan ɗan bambancin zai iya canza amsa gaba ɗaya, za mu dawo kansa. Na biyu, zana jadawalin bibiya: ginshiƙi ɗaya ga kowane ma'aji, ɗaya ga tambayar daimon, ɗaya ga abin da aka buga. A nan ginshiƙai huɗu ke nan, S, N, hukunci, da fitarwa.

Yanzu tafiya. Akwati na 2 ya sa sifiri a S, na 3 ya sa 1 a N. Rubuta su a layin farko. Mun iso daimon: shin 1 bai wuce 7 ba? E. Mun bi Yes. S ya zama 0 + 1, wato 1. N ya zama 1 + 2, wato 3. Mun koma daimon: 3 bai wuce 7 ba, E. S ya zama 1 + 3, wato 4. N ya zama 5. Mun koma: E. S ya zama 4 + 5, wato 9. N ya zama 7.

A nan ne ya kamata ka rage gudu. N yana 7, tambayar kuma `N <= 7` ce, ƙasa da bakwai ko daidai da bakwai. Bakwai daidai take da bakwai, saboda haka amsar E ce, akwai sauran zagaye ɗaya. S ya zama 9 + 7, wato 16. N ya zama 9. Mun koma daimon karo na ƙarshe: 9 ta wuce 7, amsar A'a. Mun bi No zuwa akwati na 7, an buga 16, an tsaya.

Jadawalin da ya kamata a gani a takardarka:

```
S    N    N <= 7 ?   PRINT
0    1    Yes
1    3    Yes
4    5    Yes
9    7    Yes
16   9    No         16
```

Dubi yawan tambayoyin da wannan ɗan jadawali ya riga ya amsa. Me aka buga? 16. Mene ne a cikin N lokacin da aka tsaya? 9, ba 7 ba, domin an ƙara masa biyu kafin daimon ya ƙi shi. Sau nawa aka aiwatar da `S = S + N`? Ƙirga Yes, huɗu. Sau nawa aka yi tambayar daimon? Ƙirga layukan duka, biyar. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ake yawan cakuɗawa. Idan daimon yana saman zagaye kamar nan, ana yin tambayar sau ɗaya fiye da aikin, domin sai an yi tambayar da ta ƙi kafin a fita. Idan kuma aka ce ka faɗi aikin zanen, jadawalin ya nuna maka: yana tara lambobin mara daga 1 zuwa 7, wato 1 + 3 + 5 + 7.

Shawara ɗaya kan rubutun kansa. Kada ka goge tsohuwar lamba ka ɗora sabuwa a gurbinta. Rubuta sabuwar a ƙasa. Lambar da ta fi kowacce ƙasa a ginshiƙi ita ce mai rai, na samanta tarihi ne. Amfanin tarihin shi ne in ka yi tuntuɓe a zagaye na uku, za ka iya komawa na biyu ka ci gaba, ba sai ka faro daga START ba. A takardar rubutu kuma, mai duba aiki yana ganin hanyar da ka bi.

Yadda mai tambaya ke murɗa zane ɗaya

Ina so ka daɗe a wannan sashe, domin amsoshin ƙarya da ake jerawa a tambayar zaɓi ba daga sama ake tsinto su ba. Kowacce amsa ce ta wani kuskure da aka san ɗalibai suna yi. In ka san murɗe-murɗen, za ka gane daga ina kowace lamba ta fito.

A cire ɗan layin nan na daidai, tambayar ta koma `N < 7`. Komai yana tafiya kamar da har N ya kai 7 S yana 9. Bakwai ba ta ƙasa da bakwai, saboda haka an fita, an buga 9. Alama guda ta raba 16 da 9.

A mayar da `N <= 7`, amma a sauya wurin akwati na 5 da na 6, a fara ƙara N sannan a tara. Yanzu N yana 1, E, N ya zama 3, S ya zama 3. E, N ya zama 5, S ya zama 8. E, N ya zama 7, S ya zama 15. Bakwai ta wuce daimon, N ya zama 9, S ya zama 24. Tara ta ƙi, an buga 24. Lura da abin da ya faru: ba a taɓa tara 1 ba, an kuma tara 9 alhali ta wuce iyaka. Wanda ya kalli zanen ya ce ai wannan tarin lambobin mara ne zuwa bakwai zai rubuta 16 da ƙarfin zuciya, ya faɗi.

A bar komai a yadda yake na asali, a ɗauko `PRINT S` a saka shi cikin zagaye, bayan akwati na 5. Yanzu ba lamba ɗaya za a buga ba, huɗu ne: 1, 4, 9, 16. In tambaya ta ce ka rubuta abin da zai fito, sai ka jera su duka bi da bi. Saboda haka tun farko ka duba ko akwatin bugawa yana cikin da'irar da kibiya ke zagayawa ko yana wajenta.

A sauko da daimon ƙasa, a fara aiki sannan a yi tambaya, tambayar kuma ta zama `N > 7`, Yes ya fita, No ya koma sama. Da lambobinmu amsar ba ta canza ba, 16 ce, sai dai an yi tambayar sau huɗu kawai, daidai da aikin. Amma akwai tarko biyu a nan. Na ɗaya, Yes ne yanzu ke fita, ba No ba. Hannu ya saba Yes ya ci gaba, sai ya bi ba tare da ido ya karanta ba. Na biyu yana bayyana ne in an canza lambar farawa. A ce N ya fara da 9. Zanen da daimon ke sama zai ƙi tun tambayar farko, ya buga 0, bai shiga zagayen ko sau ɗaya ba. Zanen da daimon ke ƙasa zai riga ya tara 9 kafin a tambaye shi komai, ya buga 9. Zagaye mai tambaya a ƙasa dole ya yi aiki aƙalla sau ɗaya.

Sai batun inda kibiya ta sauka. Idan ta koma saman akwati na 2, kowane zagaye zai sake sa S a sifiri da N a ɗaya, ba za a taɓa kaiwa bakwai ba, zanen ba zai tsaya ba har abada. Haka ma in sharaɗin fita ya zama `N = 8`: N yana tsalle daga 7 zuwa 9, ba zai taɓa taka 8 ba. Yadda za ka gane irin wannan a jadawali shi ne ka ga layi ya maimaita kansa sak, ko ka ga lamba ta tsallake abin da ake jira tana ta hawa. Kada ka cika shafi kana bi. Amsar ita ce zagayen ba shi da ƙarshe.

Idan zanen yana da INPUT ko READ a cikin zagaye, kuma an ba ka jerin lambobi, rubuta jerin a gefe, ka soke kowace lamba da zarar an karanta ta. Sau da yawa akwai lamba ta musamman a jerin, kamar 0 ko -1, wadda aikinta kawai ta ce a tsaya. Duba da kyau ko an tara ta kafin daimon ya gan ta, ko daimon ne ya fara tare ta.

Jadawalin gaskiya

A nan babu zagaye, babu lokaci, amma ɗabi'ar da ake bukata ita ce dai: ginshiƙi ga kowane abu, mataki ɗaya a lokaci guda. Lambobi biyu kawai ake da su, 1 da 0. Tsarin lissafin ya samo asali ne daga aikin George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila, a tsakiyar ƙarni na 19, kuma Claude Shannon ne ya nuna a 1937 cewa ana iya tsara da'irar lantarki da shi.

Ƙofofi uku ne tushe. AND tana ba da 1 ne kawai in duk abin da ya shige ta 1 ne. OR tana ba da 1 in aƙalla ɗaya daga cikinsu 1 ne. NOT tana da mashiga ɗaya, tana juya abin da ta samu. A zane, AND tana da baya a miƙe da gaba a zagaye, siffar harafin D. OR tana da baya mai lanƙwasa da gaba mai tsini. NOT alwatika ce da ɗan ƙaramin zobe a bakinta. Wannan zoben ka riƙe shi da kyau: duk inda ka gan shi, juyawa yake nufi. AND da zobe a baki ita ce NAND, OR da zobe ita ce NOR. XOR kuma tana kama da OR amma da ƙarin layi mai lanƙwasa a bayanta, tana ba da 1 in mashigai biyun sun bambanta.

A rubuce, ɗigo yana nufin AND, alamar `+` tana nufin OR, layi a saman harafi yana nufin NOT. To, `1 + 1` a nan 1 ne. Ba 2 ba ne, ba kuma 10 ba ne irin na tara lambobin binari. Ɗaliban da suka ƙware a binari su ne suka fi faɗawa wannan.

Aikin farko shi ne yawan layuka. Mashiga biyu layi 4, mashiga uku layi 8, mashiga huɗu layi 16. Kowace ƙarin mashiga tana ninka layukan. Kada ka tsaya kana ƙirƙiro haɗe-haɗen da ka, za ka maimaita wani ka manta wani. Ga mashiga uku, cika ginshiƙai daga dama: C yana sauyawa kowane layi, 0, 1, 0, 1. B yana sauyawa bayan layi biyu, 0, 0, 1, 1. A yana sauyawa bayan layi huɗu. In ka karanta layukan a kwance za ka ga ƙirga ce ta binari daga 000 zuwa 111.

Ga da'irar da za mu bi. A da B sun shiga AND. C ya shiga NOT. Abin da ya fito daga ƙofofin biyu ya shiga OR, mafitarta ita ce X. Ɗauki fensir ka sa wa kowace waya ta tsakiya suna a kan zanen kansa: wadda ta fito daga AND ka kira ta P, wadda ta fito daga NOT ka kira ta Q.

```
P = A AND B
Q = NOT C
X = P OR Q
```

Kowane suna ya samu ginshiƙinsa. Cika su a tsaye, ginshiƙi ɗaya daga sama har ƙasa kafin ka koma na gaba, ba layi-layi a kwance ba. Dalili shi ne in kana cika ginshiƙi, doka ɗaya ce a kanka sau takwas. In kana tafiya a kwance, kana sauya doka a kowane gurbi, a nan hankali ke zamewa.

Ginshiƙin P: rufe C da yatsa, ba ruwanka da shi. Nemo layukan da A da B duka 1 ne. Biyu ne kawai, na ƙarshen nan, 110 da 111. Sa musu 1, sauran sifiri. Ginshiƙin Q: kishiyar C, saboda haka 1, 0, 1, 0 har ƙasa. Ginshiƙin X: yanzu manta da A, B da C gaba ɗaya, dubi P da Q kawai. Duk layin da ɗayansu yake 1, X yana 1.

```
A B C | P Q | X
0 0 0 | 0 1 | 1
0 0 1 | 0 0 | 0
0 1 0 | 0 1 | 1
0 1 1 | 0 0 | 0
1 0 0 | 0 1 | 1
1 0 1 | 0 0 | 0
1 1 0 | 1 1 | 1
1 1 1 | 1 0 | 1
```

Kafin ka wuce, auna aikin da hankali. Ƙofar ƙarshe OR ce kuma Q yana shiga cikinta kai tsaye, don haka duk layin da C yake sifiri dole X ya zama 1. Layuka huɗu ke nan. A cikin huɗun da C yake 1, P ne kaɗai zai iya ceto, kuma a 111 kawai ya yi hakan. Huɗu da ɗaya, biyar. Ƙirga 1 a ginshiƙin X: biyar. Ya dace. Layin 110 ya cancanci kallo na biyu, domin P da Q duka 1 ne kuma X ya tsaya a 1. Da ƙofar ƙarshe XOR ce, wannan layin kaɗai ne zai canza, ya koma sifiri.

Idan akwai zobe a bakin ƙofar ƙarshe, wato NOR ce, kada ka yi ƙoƙarin lissafa NOR kai tsaye. Yi ginshiƙin OR kamar yadda muka yi, ka ƙara ginshiƙi ɗaya ka juya shi: 0, 1, 0, 1, 0, 1, 0, 0. Haka za ka yi wa NAND. Ƙarin ginshiƙi bai kai daƙiƙa goma ba, kuma yana kawar da kuskuren da ya fi yawa a wannan fanni. A tambayar zaɓi, inda aka ba ka haɗi ɗaya kawai, misali A = 1, B = 0, C = 1, ba ka bukatar jadawali; rubuta lambobin a kan wayoyin zanen ka tura su gaba ƙofa bayan ƙofa. P sifiri, Q sifiri, X sifiri. Wurin da ake kuskure a zane shi ne inda wayoyi suka gitta juna: in akwai ɗigo baƙi a mahaɗar, a haɗe suke, lamba ɗaya ce a kansu; in babu, wucewa kawai suka yi.

Dogon layi da gajerun layuka

Idan aka ba ka tambayar a rubuce maimakon zane, tsarin fifiko shi ne baka da farko, sannan NOT, sannan AND, sannan OR. Saboda haka `A + B.C` yana nufin a fara haɗa B da C ta AND, sannan a kawo A. Wanda ya bi daga hagu zuwa dama ya fara da `A + B` zai sami wani jadawali dabam. Gwada da A = 1, B = 0, C = 0: hanyar daidai ta ba da 1, ɗayar ta ba da 0.

Abin da ya fi wannan kayar da mutane shi ne tsawon layin da ke sama. Layi ɗaya dogo da ya rufe A da B tare yana aiki ne kamar baka: a fara yin AND, sannan a juya sakamakon. Gajerun layuka biyu, ɗaya a kan A ɗaya a kan B, suna nufin a juya kowanne tukuna sannan a yi AND. A takardar da bugunta bai fito sosai ba, sai ka kusanto da ido kafin ka ga ko layin ya yanke a tsakiya.

```
A B | NOT(A AND B) | (NOT A) AND (NOT B)
0 0 |      1       |         1
0 1 |      1       |         0
1 0 |      1       |         0
1 1 |      0       |         0
```

Sun yi daidai a layin farko da na ƙarshe, sun saɓa a biyun tsakiya. Shi ya sa ɗalibin da ya gwada da 00 da 11 kawai zai rantse abu ɗaya ne. Na hagu NAND ce. Na dama kuwa, in ka duba da kyau, jadawalin NOR ne. Wannan ita ce dokar De Morgan: in za ka raba dogon layi gida biyu, dole alamar da ke ƙarƙashinsa ta canza, AND ta koma OR, OR ta koma AND. Idan aka ce ka nuna cewa maganganu biyu daidai suke, hanyar da ba ta da gardama ita ce ka gina ginshiƙin kowanne a jadawali ɗaya, ka nuna sun dace a dukkan layuka, ka kuma rubuta hakan da jimla ɗaya a ƙasa.

Akwai kuma tambayar da ke zuwa ta baya: ga jadawali, wace ƙofa ce? Ga mashiga biyu a jere 00, 01, 10, 11, mafitar AND ita ce 0001, OR 0111, NAND 1110, NOR 1000, XOR 0110, XNOR kuma, wato XOR mai zobe a baki, 1001. Sanin waɗannan yana da kyau, amma kada ka dogara da siffar ginshiƙin kaɗai, domin mai tambaya zai iya jera layukan daga 11 zuwa 00, sai AND ta yi kama da NOR. Nemo layin da ya fita dabam da sauran, ka karanta abin da ya shiga a wannan layin. In 1 guda ce tak kuma a kan 11 take, AND ce. In a kan 00 take, NOR ce.

Idan tambayar ta zo a labari

Wani lokaci ba zane ba rubutun alama, sai bayani. Misali: injin tura ruwa na rijiyar burtsatse zai tashi ne in akwai wuta, tankin sama bai cika ba, kuma akwai ruwa a rijiyar. An ce A = 1 in akwai wuta, B = 1 in tanki ya cika, C = 1 in akwai ruwa. Aikin duka yana cikin karanta abin da 1 ke nufi ga kowane harafi. B yana zama 1 ne in tanki ya cika, mu kuma muna son injin ya tashi in bai cika ba, don haka B sai ya bi ta NOT:

```
X = A AND (NOT B) AND C
```

A cikin layuka takwas, ɗaya ne kawai zai ba da 1, shi ne 101. Da mai tambaya ya ce B = 1 in tanki ya yi ƙasa, babu bukatar NOT, layin da zai tashi injin kuma 111 ne. Labarin bai canza ba, ma'anar harafin ce ta canza. Ja layi a ƙarƙashin kowane «ba» da ke cikin bayanin, ka gwada shi da ma'anar da aka ba harafin kafin ka sa NOT ko ka bar shi.

Irin wannan sharaɗin ne kuma ke shiga cikin daimon na fulocat. In ka ga `A >= 50 AND B >= 50` a daimon ɗaya, raba shi a jadawalin bibiyarka: ginshiƙi ga ɓangaren farko, ginshiƙi ga na biyu, na uku ga haɗinsu. Da A = 62 da B = 50, na farko 1, na biyu 1 tunda hamsin daidai take da hamsin, an bi Yes. Da A = 62 da B = 49, na biyu sifiri, an bi No. Kibiyar No a nan ba ta nufin duka biyun sun gaza hamsin. Tana nufin aƙalla ɗaya ya gaza, wato `A < 50 OR B < 50`. In an tambaye ka sharaɗin da ke kai mutum ga reshen No, wannan za ka rubuta, da OR a tsakiya.